“Likita, Shafin Asibitinku Ya Tsufa”: Abin Dubawa Kafin A Amsa Saƙon Baƙo

Duk mai asibitin kuɗi da ya taɓa buɗe shafin intanet ya san irin wannan saƙo. Yakan shigo akwatin imel na asibiti, tsakanin takardar kamfanin inshora da rasit ɗin mai kawo magani, daga mutumin da ba a taɓa gani ba, ba a kuma nemi aikinsa ba. Yakan ce shi mai haɗa manhaja ne, ya leƙa shafin asibitin, ya ga yana da nauyi, ba shi da tsaro, ba ya fita da kyau a waya, kuma a shirye yake ya rushe shi ya gina sabo. Wasu likitocin kan goge saƙon ba tare da sun karanta ba. Wasu kuma hankalinsu kan tashi, su tura kuɗin somin aiki kafin mako ya zagayo. Duka biyun akwai asara a ciki. Sau da yawa mai saƙon ya faɗi gaskiya game da ciwon shafin, amma maganin da ya rubuta ya fi ciwon girma. Abin da ya fi komai muhimmanci kuwa, wato wa ke riƙe da makullan shafin, da wuya a ambace shi a saƙon.

Don a ga yadda abin yake a aikace, bari mu ɗauki misalin wata likita mai ƙaramin asibitin mata da yara a Kano. Tana da ɗakin haihuwa, ana awo ranar Talata da Alhamis, ana sikanin da gwajin jini. Shekaru biyar da suka wuce wani matashi ya haɗa mata shafi, ya karɓi kuɗinsa, daga baya ya samu aiki a wani gari. Kuɗaɗen da za a ambata a nan na misali ne, domin farashin wannan aiki yana sauyawa daga mutum zuwa mutum, daga shekara zuwa shekara.

Saƙon da ya shigo

Da Turanci aka rubuta shi, ga ma'anarsa: “Ranki ya daɗe, na duba shafin asibitinku. Yana samun maki 31 cikin 100 a gwajin sauri na Google, yana nuna gargaɗin rashin tsaro, kuma ba ya daidaita a kan waya. Wannan na sa kuna rasa marasa lafiya kullum. Zan gina muku sabo a kan naira 850,000, da wurin neman ganin likita ta intanet, kuma zan sa ku fito a shafin farko na Google. Wannan farashi na wannan makon ne kawai.”

Idan aka kwance saƙon, abubuwa iri uku ne a ciki. Akwai maganganun da za a iya gwadawa: makin sauri, gargaɗin tsaro, da yadda shafin ke fita a waya. Akwai maganar da mai saƙon ba shi da hanyar saninta, wato cewa ana rasa marasa lafiya, tunda bai taɓa ganin rajistar asibitin ba. Sai kuma abubuwan matsin lamba guda biyu: alkawarin shafin farko na Google da wa'adin mako guda. Kamfanin Google da kansa yana gargaɗin mutane cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya a bincikensa. Shi kuwa wa'adin mako guda, an saka shi ne don kada mai asibiti ya samu lokacin yin tambaya. Shafin da ya yi shekara biyar a haka ba zai rushe don an jira mako biyu ba.

Kafin komai, kada a latsa wani mahaɗi da ke cikin saƙon, kada kuma a buɗe fayil ɗin da aka liƙa masa da sunan rahoton bincike, musamman wanda ya ƙare da `.zip` ko `.exe`. Daga cikin masu aiko irin wannan saƙo akwai waɗanda ba masu gina shafi ba ne ko kaɗan. Burinsu a shiga wani shafin bogi a rubuta kalmar sirrin imel, ko a sauke wata muguwar manhaja a kwamfutar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya. Duk gwajin da ake buƙata mutum zai iya yi da hannunsa, ba tare da ya taɓa komai a saƙon ba.

Gani ya kori ji

Likitar ta fara da maganar tsaro. Ta rubuta adireshin shafin a Chrome, sai ta ga “Not secure” a gefen adireshin. Ashe mai saƙon ya yi gaskiya. Tun watan Yuli na 2018 Chrome ke sa wannan alama a duk shafin da adireshinsa ya fara da `http` maimakon `https`. Ma'anarta ita ce abin da mutum ya rubuta a shafin yana tafiya a buɗe tsakanin wayarsa da kwamfutar da shafin ke zaune, ta yadda wani a tsakani zai iya karantawa. Ana gyara wannan ne da takardar shaidar tsaro da ake ɗora wa shafin. Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt tana ba da irin wannan takarda kyauta, kuma yawancin kamfanonin da ke ajiye shafuka suna da maɓallin kunna ta, ta riƙa sabunta kanta. Aiki ne da wanda ya san hannunsa zai gama a zama ɗaya. Matsala ce ta gaske, amma ba ta kai a rushe shafi ba.

Sai maganar sauri. Makin da mai saƙon ya kawo ba wani asiri ba ne. Kowa zai iya shiga `pagespeed.web.dev`, ya rubuta adireshin kowane shafi, ya samu maki daga 0 zuwa 100. Ƙasa da 50 ja ne, 50 zuwa 89 tsaka-tsaki, 90 zuwa sama kore. Makin kan ɗan bambanta idan aka maimaita gwajin, saboda haka bai kamata a riƙe shi kamar sakamakon gwajin jini ba. Abin da ya fi makin amfani shi ne jerin dalilan da ke ƙasansa. A shafin likitar, dalili na farko hotuna ne. Wanda ya gina shafin ya ɗora hotuna shida a fuskar farko yadda suka fito daga kyamara, kowanne kusan megabait 4.

Lissafin mai sauƙi ne. Hotuna shida sau megabait 4, megabait 24 ke nan. Idan matar da ke neman lambar asibitin tana wurin da sabis ɗinta ke ja da saurin megabit 2 a sakan, tunda kowane bait bit 8 ne, za ta jira kusan sakan 96 kafin hotunan su gama sauka, kuma daga datarta za a cire kuɗin. Idan aka rage kowane hoto ya koma kilobait 200, wanda ya isa a gan shi tas a fuskar waya, jimillarsu za ta koma megabait 1.2, jiran ya dawo kusan sakan 5. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin sakan 2.5, don haka akwai sauran gyara, amma mafi yawan nauyin ya tafi ba tare da an taɓa ginin shafin ba.

Gwaji na uku shi ne ya fi faɗa mata gaskiya. Ta karɓi wayar mai gadin asibitin, ƙaramar Android mai tsagaggen gilashi, ta kashe wayfai, ta ce wa wata nas ta nemo ranar awo da lambar da za a kira idan naƙuda ta tashi da dare. Nas ɗin ta yi ta buɗa rubutun da yatsu biyu saboda ƙanƙantarsa. Da ta samu lambar, ta latsa, ba ta kira ba, domin a jikin hoto aka rubuta ta. Da aka kwafe ta aka kira, sai ya zama tsohon layin da asibitin ya daina amfani da shi ne. Ranakun awon ma na da ne, tun kafin a ƙara Alhamis. Mai saƙon bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin na'urar gwaji ba ta san lambar da ta mutu ba. A ganina wannan ne ciwon da ke iya cutar da mutum. Mijin da matarsa ke naƙuda da ƙarfe biyu na dare ba ruwansa da launin shafi, lamba yake nema wadda za a ɗauka.

Sunan wa ke kan takarda?

Abin da muke kira shafi abubuwa uku ne da ake iya mallaka daban-daban. Na farko adireshin, sunan da ake rubutawa a shiga, wanda ya ƙare da `.com` ko `.com.ng` ko `.ng`. Na biyu ma'ajiyar, wato kwamfutar kamfanin da ake biya duk shekara ko duk wata don ta riƙe shafin a kunne. Na uku kayan shafin kansa: rubutu, hotuna da manhajar da ke tafiyar da shi, wadda sau da yawa WordPress ce. Adireshin kamar takardar fili yake, sauran biyun kuma gini ne a kansa. Ana iya rushe gini a sake wani, amma wanda sunansa ke kan takardar shi ne mai wurin, ko da wani ne ya biya kuɗin bulo.

Bambancin kawai shi ne adireshi ba a sayensa gaba ɗaya. Rajistarsa ake yi na shekara ɗaya ko fiye, a wurin kamfanin rajista, a riƙa sabuntawa. Adireshin da ya ƙare da `.ng` yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, na `.com` kuma yana bin dokokin ICANN. Abin da ya zama ruwan dare shi ne mai gina shafi ya yi rajistar da imel ɗinsa da katin bankinsa, don sauƙi, ba don mugunta ba. Mai asibiti ya biya, ya ga shafi ya hau, ya buga adireshin a allon ƙofa da katin marasa lafiya da takardar sakamakon gwaji, bai san cewa a idon kamfanin rajista ba shi ne mai shi ba.

Likitar ta shiga `lookup.icann.org` ta rubuta adireshin asibitinta. An ɓoye sunan mai rajistar, kamar yadda ake yi wa yawancin adireshi yanzu, amma abubuwa biyu sun fito fili: sunan kamfanin rajistar da ranar ƙarewar wa'adi, wadda saura wata huɗu. Ga gwajin da ba ya ƙarya: shin akwai wani a asibitin da zai iya shiga asusun kamfanin rajistar da kalmar sirri, a yau? Idan babu, adireshin ba a hannun asibitin yake ba. A wurinta babu.

Ga abin da kan faru idan wa'adin adireshin `.com` ya cika ba a sabunta ba. Dokar ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista ya aika tunatarwa, kusan wata guda kafin ranar da kuma kusan mako guda kafin ta. Amma tunatarwar tana zuwa ne imel ɗin da aka yi rajista da shi, wato na matashin da ya bar gari. Ranar na wucewa, ba da jimawa ba shafin zai daina buɗewa, imel ɗin asibiti da ke ɗauke da wannan sunan shi ma ya tsaya. Kamfanin kan ba da ɗan lokaci a sabunta a kan kuɗin da aka saba. Idan aka goge rajistar, akwai kwana 30 na fansa a kan kuɗi mai yawa, sai kwana 5 na jira, sannan a saki sunan ga duk wanda ya riga. Akwai masu sana'ar kama irin waɗannan sunaye, su sayar wa mai su da tsada ko su ɗora tallan da bai dace ba. Mutum ya yi tunanin mara lafiyar da ya rubuta adireshin da ke jikin katin asibitinsa ya faɗa shafin caca.

Saboda haka kiran farko da likitar ta yi ba ga mai saƙon ba ne, ga tsohon mai ginin ne. Ta same shi ta hannun wanda ya haɗa su tun farko. “Ranki ya daɗe, ai yana asusuna,” in ji shi. “Ki buɗe naki da imel ɗin asibiti, in tura miki.” Idan kamfanin rajista ɗaya ne, ana tura adireshi daga asusu zuwa asusu cikin sauƙi. Idan za a koma wani kamfani daban, sai wanda ke riƙe da shi ya cire makullin canji ya ba da wata lambar sirri, wadda a kan allo ake rubuta ta EPP code ko Auth code. Canjin kan ɗauki kwanaki kaɗan, kuma adireshin `.com` da aka yi wa rajista ko aka canza masa kamfani cikin kwana 60 da suka wuce ba ya canzuwa sai wannan lokaci ya cika. Shi ya sa ba a barin wannan aiki sai makon ƙarshe. Ba kowane tsohon mai gini ne ke amsa waya ba, wani kuma zai nemi a biya shi kafin ya saki. Idan aka ba sabon mutum aikin ba a warware wannan ba, ko dai ya kasa ɗora sabon shafin a tsohon adireshi, ko ya buɗe sabon adireshi da sunansa shi ma, a maimaita kuskuren da sabon mutum.

Fom ɗin ganin likita da sirrin mara lafiya

Abin da ya fi jan hankali a tayin shi ne wurin neman ganin likita ta intanet. A nan ne kuma asibiti ya bambanta da shagon sayar da takalma. Fom ɗin da aka saba sakawa yana tambayar suna, lambar waya, da “abin da ke damunki”. Mace ta rubuta cewa tana zubar jini a wata na uku, ko ta shekara shida ba ta samu ciki ba, ta latsa maɓallin aikawa. Ina wannan magana ta tafi? A shafuka da yawa tana zuwa wurare biyu: wani akwatin imel, wanda wani lokaci na mai ginin ne tunda da shi ya yi gwaji ya manta bai canza ba, da kuma rumbun bayanan shafin, inda duk mai kalmar sirrin gudanarwa zai iya karanta ta ko bayan shekaru.

Doka ba ta bar wannan a sake ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan mara lafiya sirri ne, ba a bayyana su sai da izininsa a rubuce ko inda kotu ko doka ta buƙata. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma kafa hukumar NDPC don sa ido. A ƙarƙashinta, asibitin ne ke da alhakin bayanan, tunda shi ya nemi a tattara su. Mai ginin da ke taɓa su a madadin asibiti dole a samu yarjejeniya a rubuce da shi. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ana sanar da hukumar cikin awa 72 da gano hakan. Tarar kan iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Amma a gari irin Kano, inda kowa ya san wani da ya san wani, abin da ya fi tara zafi shi ne a ji a unguwa cewa sirrin mace ya fito daga asibitin wance.

Hanya mafi aminci ita ce kada a tambayi abin da ba a buƙata. Don a ba mutum lokacin ganin likita, suna da lambar waya da ranar da yake so sun isa. Bayanin ciwo a bar shi sai an shiga ɗakin likita. Sannan a tambayi kai wa zai riƙa duba fom ɗin. Idan babu ma'aikacin da aka ɗora wa wannan aiki safe da yamma, fom ɗin tarko ne: mace ta cika ta zauna jiran amsa da ba za ta zo ba. Likitar ta duba yadda mutanenta ke zuwa, ta ga kira suke yi ko su turo saƙon murya ta WhatsApp, da yawansu da Hausa. Sai ta yanke cewa maɓallin kira da maɓallin WhatsApp sun fi mata fom. Na biyun mahaɗi ne kawai da ke farawa da `https://wa.me/234` a bi shi da lambar asibitin ba tare da sifilin farko ba. Wayar da ke karɓar saƙonnin ta zama ta asibiti, mai makulli, wadda ba a tafiya da ita gida.

Akwai kuma abin da za a rubuta a shafin. Masu gina shafi sun saba da harshen talla, sukan cika wuri da “asibitin da ya fi kowanne” da hotunan jarirai da yabon waɗanda suka warke. Ƙa'idojin aikin likita na hukumar MDCN sun taƙaita yadda likita zai tallata kansa, kuma likitan ne zai amsa tambaya, ba mai ginin ba. Hoton mai jego ko jaririnta ba ya hawa sai da yardarta a rubuce. Don haka kowane layi da kowane hoto sai ya bi ta gaban mai asibiti kafin a ɗora.

Wane ne mai saƙon?

Aiko saƙo ga wanda bai nema ba ba laifi ba ne a kan kansa. Akwai matasa masu ilimin wannan aiki, masu gaskiya, waɗanda ba su da ofis ko wanda zai gabatar da su, wannan ce ƙofar da suke ƙwanƙwasawa. Ana gane su da wasu alamu. Saƙon wanda ya duba shafin da gaske kan ambaci wani abu da sai a wannan shafin za a gani, kamar sunan sashen da ba ya buɗewa. Saƙon da aka watsa wa ɗaruruwan asibitoci a lokaci guda kuwa zai dace da kowane shafi idan aka canza suna.

Likitar ta amsa da tambayoyi huɗu. Ta nemi adireshin shafuka uku da ya gina da lambar masu su, ta kuma kira su ta tambaye su abu ɗaya: bayan kun gama biya, yana ɗaukar waya? Ta nemi lambar rajistar kasuwancinsa, ta duba ta a wurin bincike na hukumar CAC, ta ga ko sunan ya yi daidai da na asusun bankin da ya bayar. Ta tambaye shi nawa ne gyaran abubuwan da ta lissafa ba tare da sabon gini ba. Sannan ta tambayi nawa za ta riƙa biya duk shekara bayan an gama, kuma na mene ne. Tambaya ta uku ita ce ke tace mutane. Wanda ya san aiki zai buɗe shafin ya ce wannan zai gyaru, wancan ba zai gyaru ba, ga dalili. Wanda sayarwa kawai ya zo yi zai nace sai an rushe komai. Duk wanda ya nemi kalmar sirrin imel ɗin asibiti ko ta asusun rajistar adireshi tun kafin a rubuta yarjejeniya, a rabu da shi.

Akwai lokacin da sabon gini ne ya dace. Idan an gina shafin a kan tsarin da masu shi suka daina sabuntawa, ko ba ya daidaita da faɗin waya tun daga tushe, ko an taɓa kutsa masa aka cusa tallan da ake gogewa yana dawowa, ko babu wanda ke da kayan aikinsa, to faci ɓata kuɗi ne. A shafin likitar, tsarin da ke tsara fuskarsa tsoho ne da bai san waya ba, saboda haka sai an canza shi. Amma rubutun da sassan shafin za su zauna yadda suke. Mai saƙon ya duba ya ba da farashin naira 220,000: sabon tsarin fuska, takardar tsaro, rage hotuna, maɓallan kira biyu, gyaran lambobi da ranaku, da koya wa ma'aikaci ɗaya yadda zai canza ranar awo da kansa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na kuɗin farko. Ta kuma karɓi ikon bayanin asibitinta a Google Business Profile, wanda kyauta ne, domin daga can ne mutane da yawa ke ganin lamba da taswira da lokacin buɗewa ba tare da sun shiga shafin ba.

Abin da ke lalacewa ranar sauyi

Ko gyara ne ko sabon gini, ranar da aka kunna sabon aiki ita ce ranar haɗari, kuma abubuwa biyu ne suka fi faruwa. Na farko mutuwar imel. A cikin saitin adireshi akwai layukan da ake kira MX, su ne ke nuna inda za a kai wasiƙun asibiti. Idan aka koma sabuwar ma'ajiya ba a kwafe su ba, shafin zai fito da kyau, kowa na murna, amma saƙon kamfanin inshora da na ɗakin gwaji su daina shigowa shiru, ba wanda ya lura sai bayan kwanaki. Gwajinsa shi ne a tura imel daga waje zuwa akwatin asibitin a ranar, a kuma tura daga ciki zuwa waje. Na biyu ɓatan tsofaffin sassa. Idan adireshin sashen awo ya canza, wanda ya biyo ta Google zai tarar da “404”, wato babu shafin. Maganinsa a sa umarnin juyawa mai lamba 301, wanda ke kai mutum daga tsohon wuri zuwa sabo. A lissafa tsofaffin sassan kafin a fara, a gwada kowanne bayan an gama.

Duk wannan yana shiga takarda guda da ɓangarorin biyu za su sa wa hannu. A rubuta cewa adireshi da ma'ajiya suna asusun asibiti, da imel ɗin asibiti, kuma asibiti ke biyan su kai tsaye. A ba mai aikin asusun shiga nasa na daban, wanda za a iya rufewa idan aiki ya ƙare. A ɗauki cikakken kwafin tsohon shafi kafin a taɓa komai, a ajiye shi a hannun asibiti. A gina sabon a wani adireshin gwaji, mai asibiti ya gani a wayarsa kafin a kunna, domin ba a cinikin biri a sama. A raba biya uku, kashi na ƙarshe sai an miƙa kalmomin sirri, an gwada imel, an kuma kira lambar daga shafin an ji ta yi ƙara a teburin karɓar marasa lafiya. A kuma rubuta wa zai riƙa sabunta WordPress da ƙananan manhajojin da ke jikinta, da kuɗin hakan, tunda ta waɗanda aka bari ba sabuntawa ne masu kutse suka fi shiga.

Wanda ya bi waɗannan matakai zai ga cewa mafi yawan aikin ba na kwamfuta ba ne, na mai asibiti ne: sanin me mutanensa ke nema, da sanin abin da bai kamata ya bar hannunsa ba. Mai ginin kirki ba ya ƙin waɗannan sharuɗɗa, domin suna kare shi shi ma daga zargi. Ga mai asibitin da har yanzu bai san ranar da wa'adin adireshinsa zai cika ba, ko bai san a asusun wa yake ba, wannan ne abin da ya kamata ya bincika a makon nan, kafin ya yi maganar farashi da kowa.